Tsintsiya Goma, Maɗauri Ɗaya

A ƙarƙashin gadona akwai wata tsohuwar adaka da nake ajiye takardun da ba na son gani, ba na kuma iya zubarwa. Daga cikinsu akwai takardun shaidar hannun jari guda takwas da na saya tsakanin 2006 da 2007, zamanin da kusan duk ma'aikacin da ke da ɗan abin hannu a ƙasar nan ya wayi gari ɗan kasuwar hannun jari. Naira dubu ɗari takwas na tara a lokacin, na kasa ta kashi takwas, na ba bankuna bakwai dubu ɗari ɗari, ragowar na kai wani kamfanin inshora. Har yau ina tuna yadda na riƙa yi wa abokan aikina kallon marasa dabara, domin su banki ɗaya ko biyu suka zuba wa kuɗinsu, ni kuwa na raba ƙafa har wuri takwas. Lissafina shi ne, ko ɗaya ya durƙushe, bakwai za su ɗauke ni.

A farkon watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura maki 66,000. Shekara guda bayan haka yana wajen maki 20,000, wato kusan kashi 70 cikin ɗari na darajar kasuwar ya zube. Takarduna takwas ba su faɗi ɗaya bayan ɗaya ba, balle waɗanda suka tsaya su tallabi waɗanda suka faɗi. Tare suka gangara, a makonni iri ɗaya, saboda dalilai iri ɗaya. Da ƙura ta lafa, abin da ya rage mini bai kai rubu'in abin da na zuba ba, kuma abokan nan da na raina ba su fi ni asara da wani abin kirki ba. Na ƙirga sunaye takwas a takarda, alhali abu ɗaya na saya sau takwas.

Abin da ya sa na buɗe wannan adaka a makon nan wasiƙa ce da wani mai karatu ya aiko mini, malamin makarantar sakandare da ya ajiye aiki kwanan nan. Ya ce ya ware naira miliyan biyar daga kuɗin sallamarsa, kuma da yake ya ji ana cewa kada a tara jari wuri ɗaya, ya yanke shawarar sayen masara, dawa, gero, shinkafa shanshera da waken soya da kaka, kowanne na miliyan guda, ya jibge a sito ɗaya har bazara. Tambayarsa ita ce: ya raba ƙafa yadda ya kamata? Malam, amsar a taƙaice ita ce ka raba, amma ƙasa da yadda kake zato. Kafin in faɗi dalili, bari mu fara ganin yadda rarraba jari ke aiki idan ya yi aiki, domin gaskiya ne yana aiki.

Mu ƙaddara akwai wata sana'a da a kowace shekara ɗayan abu biyu ke faruwa da ita: ko ta kawo ribar kashi 40 cikin ɗari, ko ta jawo asarar kashi 20, kuma yiwuwar kowanne rabi da rabi ce, kamar jefa kwabo sama. Waɗannan alƙaluma nawa ne, na zaɓe su don sauƙin lissafi. Wanda ya zuba miliyan ɗaya a wannan sana'a zai ƙare shekara da miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, ko kuma da dubu ɗari takwas. Matsakaicin abin da yake sa rai riba ce ta kashi 10, amma bai taɓa samun kashi 10 ɗin daidai ba. Kullum yana sama da ita da maki 30 ko ƙasa da ita da maki 30. Wannan tazara ita ce kasadarsa.

Yanzu ya raba miliyan ɗin gida biyu, ya zuba dubu ɗari biyar biyar a sana'o'i biyu masu irin wannan hali, waɗanda sa'ar ɗaya ba ta da ruwa da sa'ar ɗayar. Hanyoyi huɗu ke gabansa. Duka biyu su ci riba, sau ɗaya cikin huɗu ke nan. Duka biyu su faɗi, shi ma sau ɗaya cikin huɗu. A sauran biyun kuwa ɗaya ta ci, ɗaya ta faɗi, ya tashi da miliyan ɗaya da dubu ɗari. Mummunar shekarar da a da take zuwa masa sau ɗaya cikin biyu ta koma sau ɗaya cikin huɗu. Idan sana'o'in huɗu ne, faɗuwarsu duka tare sau ɗaya ce cikin 16. Idan goma ne, sau ɗaya cikin 1,024. Abin lura a nan shi ne matsakaiciyar ribarsa ba ta motsa ba, tana nan a kashi 10. Bai biya ko sisi ba, amma tangal-tangal ɗin ya ragu. Bai kuma kamata a ɓoye ɗaya gefen ba: shekarar da zai kwashi kashi 40 cif ita ma ta yi wuyar zuwa daidai gwargwado. Mai raba ƙafa ya yafe babbar sa'a domin ya tsira daga babbar masifa.

Duk wannan lissafi ya rataya ne a kan sharaɗi guda da na ambata a tsakiyar magana, cewa sa'ar ɗaya ba ta da ruwa da sa'ar ɗayar. A cire wannan sharaɗi, a ce kwabo ɗaya ake jefa wa sana'o'in goma, to mai goma da mai ɗaya duk ɗaya suke: ko miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, ko dubu ɗari takwas. Tsintsiya ce mai sili goma, amma maɗaurinta ɗaya, kuma duk wanda ya ɗaga maɗaurin ya ɗaga su gaba ɗaya.

Manoman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan ba tare da alli da allo ba. Wanda ya shuka gero, ya bi da dawa, ya sa wake a tsakanin kunya, ba yawan iri kawai yake nema ba. Gero na nuna da wuri, yana kuma jure ƙarancin ruwa. Dawa na buƙatar damina ta yi tsawo. Wake na zuwa daga baya, ga harawa ta dabbobi. Abin da zai kashe ɗaya ba lalle ne ya kashe ɗayan ba. Haka wanda ya haɗa gonar tudu da ta fadama: shekarar da ruwa ya yi yawa fadama ta nutse, tudu na murna, shekarar da ya yi ƙaranci tudu ya ƙone, fadama na da sauran laima. A 1975, da cutar gyaɗa ta mamaye gonakin Arewa, wanda ya dogara ga gyaɗa kaɗai ya ga tashin hankali, amma mai gero da dawa a rumbu ya ci tuwo, domin cutar ba ta hatsi ba ce.

Wanda ya fara zuba wannan hikima cikin lissafi shi ne Harry Markowitz, wani Ba'amurke da ya wallafa maƙala a kan zaɓen jari a 1952, aka kuma ba shi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1990 tare da wasu mutum biyu. Jigon maganarsa shi ne kasadar tarin jari ba ta tsaya ga kasadar kowane ɗaya a kan kansa ba. Ta fi dogara ga yadda suke motsi da juna. Ya ma kawo misalin da ya yi kama da adakata: mai hannun jari a kamfanonin jirgin ƙasa sittin bai kai rarrabawar wanda ya haɗa jirgin ƙasa da wutar lantarki da haƙar ma'adinai da masana'antu ba, domin kamfanonin sana'a ɗaya sun fi yiwuwar shiga matsala lokaci ɗaya.

Masana suna auna wannan tafiya tare da lamba guda, wadda zan kira ma'aunin alaƙa. Tana farawa daga 1 ta gangara zuwa sifiri, ta wuce har ɗaya ƙasa da sifiri. Idan alaƙar abu biyu 1 ce, tare suke hawa, tare suke sauka, kamar tagwayen shanun huɗa a ƙarƙashin karkiya ɗaya. Idan sifiri ce, sanin halin ɗaya ba ya gaya maka kome game da ɗayan. Idan ta faɗi ƙasa da sifiri, hawan ɗaya kan zo da saukar ɗayan, kamar tudu da fadama, ko mai sayar da ƙanƙara da mai sayar da rigunan sanyi. Irin wannan ta ƙarshe ita ce ta fi daraja ga mai jari, ita ce kuma ta fi wuyar samu. Yawancin kadarorin da ke cikin ƙasa ɗaya alaƙarsu na tsakanin sifiri da 1.

Ga ɗalibai da masu son gwadawa da kansu, idan aka raba kuɗi daidai wa daida tsakanin kadarori masu kasada iri ɗaya, ga yadda ake fitar da kasadar tarin:

```
R = r × √( c + (1 − c) ÷ n )
```

A nan r ita ce kasadar kadara ɗaya, n yawan kadarorin, c matsakaiciyar alaƙar da ke tsakaninsu, R kuma kasadar tarin duka. Ko wanda ba ya ga maciji da lissafi zai iya ganin abu ɗaya a ciki. Abin da ke ƙarƙashin alamar kashi biyu ne. Kashi na biyu ana raba shi da n, saboda haka yana narkewa yayin da kadarori ke ƙaruwa. Kashi na farko, wato c, babu abin da ke raba shi. Ko kadara dubu mutum ya tara, yana nan daram.

Mu mayar da maki 30 ɗinmu na ɗazu. Idan alaƙa sifiri ce, kadara huɗu na sauko da kasada zuwa 15, tara zuwa 10, ashirin da biyar zuwa 6, ɗari zuwa 3. Idan alaƙar 0.25 ce, huɗu na ba da kusan 20, ashirin da biyar kusan 16, ɗari kuma 15 da ɗan ɗoriya; daga nan ba ta ƙara sauka, domin 15 ne daɓen da ba a hudawa. Idan kuwa alaƙar ta kai 0.64, daɓen na kan 24. Kadara goma na ba da kusan 25, ɗari na ba da 24. To a kwatanta wannan da mutumin da ke da kadara biyu rak waɗanda ba ruwan ɗaya da ɗaya: kasadarsa 21 ce. Biyu marasa alaƙa sun fi ɗari masu maɗauri ɗaya kariya. Da na san wannan jimla guda a 2007, da adakata ba ta cika da takardun baƙin ciki ba.

Wannan lissafi ya nuna cewa kasada iri biyu ce. Akwai ta gida, wadda ta shafi kadara ɗaya ita kaɗai: manajan da ya ci amana, gobarar da ta cinye shago, ƙwarin da suka shiga buhu, direban da ya kifar da mota. Wannan rarrabawa na cinye ta, kuma da sauri. Yawancin amfanin na samuwa ne a 'yan kadarorin farko, bayan haka ƙarin na raguwa. Akwai kuma ta gari, wadda ke sauka a kan kowa lokaci ɗaya: faɗuwar kuɗin ƙasa, fari, yaƙi, tashin kuɗin ruwa, sauyin manufar gwamnati. Wannan ba ta jin yawa. Ana iya rage ta da fita zuwa wata sana'a, wata ƙasa ko wani kuɗi, amma ba a kawar da ita, domin duniyar ma kanta gari ɗaya ce idan masifar ta yi girma.

Bankunana bakwai kasadar gida kawai suka kare ni daga gare ta, ita kuwa ba ita ta zo ba. Bayan da Babban Banki ƙarƙashin Charles Soludo ya tilasta wa bankuna mallakar jarin naira biliyan 25, adadinsu ya sauko daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, suka kuma fito kasuwa suna sayar da hannun jari ba ƙaƙƙautawa, har suka zama fiye da rabin darajar kasuwar duka. Da yawansu sun riƙa ba mutane bashi don su sayi hannun jari, hannun jarin kuma shi ne jinginar bashin. Da rikicin kuɗi na duniya ya taso a 2008, masu jari na ƙetare suka fara janye kuɗinsu, gangar ɗanyen mai ta faɗo daga dala 147 a watan Yuli zuwa ƙasa da dala 40 a Disamba. Farashi ya sauka, jingina ta rage daraja, aka matsa wa masu bashi su sayar, sayarwar ta ƙara karya farashi, bashin ya zama wanda ba ya biyuwa a littafin bankunan da suka ba da shi. A watan Agusta na 2009 Babban Banki, a lokacin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar ya kuma zuba musu naira biliyan 420. Kamfanin inshorar da na ɗauka daban ne, shi ma a wannan kasuwa ake cinikinsa, masu sayarwar nan su ne masu sayar da shi.

Akwai wani abu da ya fi wannan ɗaci, shi ne alaƙa ba ta zama wuri ɗaya. Lambar da aka auna a shekarun lafiya takan canza a shekarar wahala, kuma yawanci sama take yi, daidai lokacin da aka fi buƙatar ta sauka. Dattawan da suka ga farin 1973 sun san wannan a jikinsu. A shekarun da aka saba, dabba ita ce asusun manomi: gona ta ƙi, a kai akuya ko ɗan maraƙi kasuwa a auno hatsi. Noma da kiwo kamar ba su da alaƙa. Amma da ruwa ya ɗauke wa yanki duka, ciyawa ta ƙare tare da hatsi, dabbobi suka rame, kowa ya kora nasa kasuwa rana ɗaya, farashin dabba ya faɗi warwas yayin da na hatsi ya tashi. Abu biyun da aka ɗauka daban ashe gajimare ɗaya suke kallo.

Manyan kasuwannin duniya ma ba su tsira ba. Shekaru kusan ashirin masu jari a Amurka sun saba da cewa idan hannun jari ya faɗi, takardun bashin gwamnati na tashi, don haka haɗa su biyu ya zama ƙa'idar da ake koyarwa. A 2022 hauhawar farashi ta sa babban bankin ƙasar ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifiri zuwa sama da kashi 4 cikin shekara guda. Ma'aunin manyan kamfanoni 500 ya faɗi da kusan kashi 19, babban ma'aunin takardun bashi ya faɗi da kashi 13. Dalili ɗaya ya doke su tare. Alaƙar da aka dogara da ita ta ginu ne a kan zamanin da farashi ke kwance, da zamanin ya juya ita ma ta juya.

A wurinmu yau, maɗaurin da ya fi kowanne kauri shi ne naira kanta. Mutum na iya raba ajiyarsa a bankuna uku, kuma dabara ce mai kyau, tun da inshorar ajiya ta hukumar NDIC na da iyaka, naira miliyan biyar ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci tun 2024. Yana iya ƙarawa da sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017, ga adashi, ga fansho. Wurare shida ke nan. Amma lokacin da aka saki naira a watan Yuni na 2023, ta tashi daga wajen 460 a dala ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen wannan shekara, dukan shidan sun rage ƙarfin saye tare. Ba wanda ya ci amanarsa, ba bankin da ya rufe, lambobin na nan cif a takarda, buhun da suke iya saye ne ya ragu.

To ta yaya mutum zai gane maɗauri kafin a ɗaga shi? Hanyar da na fi amincewa da ita ba ta buƙatar na'ura. A ɗauki takarda, a jera kadarorin a gefe, a gaban kowace a rubuta abubuwa uku da za su iya karya ta. Sannan a duba kalmar da ta fi maimaituwa. Idan "faɗuwar naira" ko "rashin ruwa" ko "rashin tsaro a hanya" ta fito a gaban biyar cikin shida, an ga maɗaurin. Kada a manta da sa albashi ko fansho a jerin, domin shi ne babbar kadarar yawancinmu. Ma'aikacin banki da ya sayi hannun jarin bankuna, ko ma'aikacin jiha da ya buɗe shagon da abokan cinikinsa duk ma'aikatan jiha ne, ranar da albashi ya makara zai ga shagon ma ya yi shiru.

Mai son alƙaluma na iya ƙarawa da gwaji na biyu. Ya samo farashin abu biyu na wata ashirin da huɗu, ya ƙirga watanni nawa suka nufi gefe ɗaya, sama ko ƙasa. Idan wajen goma sha biyu ne, alaƙarsu kaɗan ce. Idan sun kai ashirin, kusan abu ɗaya ne. Sai dai a yi hattara da abu biyu. A lokacin hauhawar farashi kome na tashi a lissafin naira, don haka sai an cire hauhawar kafin a kwatanta. Kuma watanni uku ko huɗu mafiya muni sun fi sauran ashirin ɗin faɗin gaskiya, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Yanzu sai in dawo gare ka, Malam. Hatsinka biyar sun kare ka daga kasadar gida: idan masara ta yi kwantai, ƙila waken soya ya yi kasuwa, tun da masu sayensa kamfanonin mai da abincin kaji ne. Amma rubuta abubuwa ukun nan a gaban kowanne ka gani. Damina ɗaya ce ke kawo su, idan ta yi albarka duka za su yi araha. Masara, dawa da gero na maye gurbin juna a tukunya da wurin masu abincin dabbobi, don haka farashin ɗaya na jan na sauran. Manufar gwamnati ɗaya ke taɓa su. An ga yadda aka ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, kuma da farashin hatsi ya karye a 2025 ba iri ɗaya ya zaɓa ba, masu ajiya da yawa sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Sannan ka ce sito ɗaya za ka zuba su, wato gobara ɗaya, ɗigar rufi ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe su duka.

Idan muka ɗauki alaƙar 0.64 a matsayin misali, hatsi biyar na sauko da kasada daga 30 zuwa 25 ne kawai, alhali kai a ranka kana lissafin 13, wanda shi ne abin da biyar marasa alaƙa za su bayar. Da za ka rage hatsin zuwa iri biyu a sito biyu, ka kai sauran kuɗin wuraren da damina ba ta mulka, kamar abin da ke kawo kuɗin haya, ko sana'ar da mutane ke buƙata ko hatsi ya yi tsada ko ya yi araha, ka kuma bar wani kaso a hannu wanda zai ɗauki gidanka wata shida, da sunayen da ke takardarka ba su ƙaru ba, amma maɗaurin ya rabu. Wannan kaso na hannu shi ke hana mutum sayarwa ranar da kowa ke sayarwa, kuma a 2008 waɗanda aka tilasta wa sayarwa su ne suka fi kowa jin jiki. Kada kuma ka bazu cikin sana'o'in da ba ka sani ba don kawai a ce ka raba. Jari goma da ba ka iya sa wa ido sabuwar kasada ce ka ƙirƙiro da hannunka.

Ko ka yi duk wannan, Malam, akwai shekarar da za ta zo ta taɓa kome naka lokaci ɗaya, kuma babu tsarin da zai hana ta. Abin da raba ƙafa ke yi shi ne ya sa irin wannan shekara ta yi wuyar zuwa, idan ta zo kuma ta bar maka abin da za ka sake farawa da shi. Duk wanda ya zo maka da jarin da ya ce ya rarraba shi har babu sauran asara, ka tambaye shi abu uku da za su iya karya shi. Idan ya ce babu ko ɗaya, ka riƙe kuɗinka. Ni dai na mayar da takarduna takwas cikin adaka, na ɗaure su da zare ɗaya kamar yadda suke tun asali.